Muhawara: narkar da firem cikin firem ya isa ɓoye tsallen hayaƙi, ko sai da moshan bekta?

Habu: Jama'a ina da fashewa ta wasan bidiyo a allon hotuna mai gida 8 sau 8, faɗinsa fiksel 2048, kowane gida firem ɗaya, tana ɗaukar daƙiƙa 4. Na kunna narkar da firem cikin firem, tsallen ya tafi, amma hayaƙin yana ta yin kamar yana numfashi. Wani ya ce sai na sa moshan bekta, wato hoton da ke nuna inda kowane fiksel yake matsawa daga firem zuwa firem. Ni kuwa ina ganin ɓata ƙwaƙwalwar na'ura ne, narkarwar ta isa kowane irin hayaƙi. Ko ba haka ba?

Sagir: Habu, wasan ne ke maka nauyi. Rage yawan ƙwayoyin hayaƙin, injin zai saki jiki ya daina cijewa.

Habu: A'a ɗan'uwa, wasan na gudu 60 a daƙiƙa, ko gezau. Ƙwaya ɗaya tak ma na bari, haka take yi.

Malam Auwal: To ba nauyi ba ne, lissafi ne. Firem 64 a daƙiƙa 4, ka ga 16 ke nan a daƙiƙa. Allon wasa yana sabuntawa sau 60, don haka kowane hoto yana zama kusan sau huɗu kafin a canza shi. Tsallen da ka fara gani ke nan. Narkarwa kuwa abin da take yi kaɗan ne: tana rage hoton yanzu tana ƙara na gaba, a wuri ɗaya, ba tare da ta matsar da ko fiksel ɗaya ba.

Ka dubi bakin hayaƙinka. Kowane gida fiksel 256 ne. A ce a farkon fashewar bakin ya matsa fiksel 12 tsakanin firem da mai bi masa. A wannan zirin, hoton farko babu komai, na biyu cike yake da hayaƙi. Idan narkarwa ta kai rabi, zirin gaba ɗaya sai ya zama rabi-rabi, ana hango abin da ke bayansa, sannan ya cika, sannan wani sabon ziri ya fara daga babu. Idan fashewar ta kama fiksel 768 a gaban ɗan wasa, an ninka ta uku, zirin ya zama 36. Ido ba zai ƙi gani ba. Numfashin da kake faɗa shi ne bakin yana kaifi, ya dusashe, ya sake kaifi, sau 16 a daƙiƙa.

Habu: Malam, amma ƙarshen hayaƙin lafiya lau yake, babu wannan matsalar.

Malam Auwal: Saboda a can bakin bai fi fiksel ɗaya ko biyu yake matsawa ba, kuma dama ya yi laushi. A nan maganarka daidai ce. Inda ban yarda ba shi ne "kowane irin hayaƙi". Ka rage gudun wasan zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ka kalli firem goma na farko. Idan ka ga baki biyu a lokaci ɗaya, ɗaya na ɓacewa ɗaya na fitowa, narkarwar ce ta gaza.

Sagir: To ai magani a fili yake. A mayar da allon 16 sau 16, firem 256, 64 a daƙiƙa. Babu narkarwa, babu moshan bekta.

Zainab: Sagir, a wane faɗi? Idan ka bar shi a 2048, kowane gida ya koma 128, hayaƙin ya zama dishi-dishi idan aka matso. Idan ka kai shi 4096 don gidan ya tsaya a 256, a matsin hoto na BC7 ka tashi daga megabait 4 zuwa 16, ban da ƙananan kwafin da injin ke ajiyewa don nesa. Hoton moshan bekta kuwa ba ya buƙatar girman na launi, domin motsin hayaƙi ba shi da ƙananan zane. Na 512 yakan wadatar wa allon 2048. Kuma da zarar an rage gudun lokaci a wasan, firem 256 ɗin ma za su koma tsalle.

Sagir: Na ji batun ƙwaƙwalwa. Amma a waya fa? Hayaƙi yana hawa kan hayaƙi, fiksel ɗaya a zana shi sau goma.

Zainab: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Babu narkarwa, karatu ɗaya ake yi daga hoton. Da narkarwa, biyu. Da moshan bekta, huɗu: motsin firem biyu da launin firem biyu. Ga yadda yake:

```
f   = age * 63
a   = floor(f);  t = frac(f)
uvA = uv - mvA * t * k
uvB = uv + mvB * (1 - t) * k
col = lerp(tex(a, uvA), tex(a+1, uvB), t)
```

`mvA` da `mvB` motsin firem biyun ne, `k` kuma ƙarfin turin. Ana tura hoton yanzu gaba, a jawo na gaba baya, su haɗu a tsakiya, sannan a narkar. Bakin biyu sun hau kan juna, shi ya sa zirin ke ɓacewa. Amma amfanin wannan ai shi ne ka rage ƙwayoyin. Fashewa mai kyau guda ɗaya ko biyu manya, maimakon goma sha biyar da aka tara don su rufa wa juna asiri.

Maryam: Yaya Zainab, ni na gwada shi a injin wasa na Unreal, na fitar da motsin daga manhajar haɗa hayaƙi ta EmberGen, abin ya fi da muni. Hayaƙin duka yana zamewa gefe ɗaya ya dawo, kamar ana jan zani ana saki. Na cire na koma narkarwa zalla.

Zainab: Ƙanwata, duba ko sRGB a kunne yake a hoton motsin. A wannan hoton 0.5 na nufin babu motsi. Idan injin ya ɗauke shi a matsayin launi, zai karanta 0.5 kusan 0.21, sai ko'ina ya sami turi zuwa kusurwa ɗaya. Kashe shi, ki matse hoton da BC5 tunda tashoshi biyu kawai yake da su. Idan zamewar sama da ƙasa ce kaɗai, tashar kore mai ɗauke da wannan motsin ce a juye. Sai kuma `k`: in ya yi kaɗan baki biyun na nan, in ya yi yawa hayaƙin ya wuce wurinsa ya ja da baya a kowane firem. Ki tsayar da shi a `t` daidai rabi, ki riƙa ƙara `k` har bakin biyu su zama ɗaya.

Malam Auwal: Sai dai kar Habu ya ɗauka zai gyara masa komai. Walƙiyar farko ba daga ko'ina ta matso ba, fitowa ta yi. Wutar da ke ɓullowa daga cikin hayaƙi ma haka. Moshan bekta abin da yake akwai kawai yake iya turawa, a irin waɗannan wuraren sai ya yamutsa hoton. Ni da zan fara da raba firem ɗin daidai da motsi: wajen 24 a rabin daƙiƙar farko, sauran 40 a daƙiƙa uku da rabi, a bi su da lanƙwasar lokaci a injin. Farkon ya koma 48 a daƙiƙa, fiksel 12 ɗin nan ya sauko 4, narkarwa zalla za ta iya da shi.

Zainab: Malam, jelar kuma ta sauko wajen 11 a daƙiƙa. Kuma in daga baya ya so ƙara moshan bekta, dole a sake fitar da motsin bisa sabuwar tazarar, in ba haka ba `k` ɗaya ba zai dace da farko da ƙarshe ba.

Malam Auwal: Jelar a hankali take tafiya, za ta jure. Ni dai ban ga dalilin karatu huɗu ba kafin a gwada wannan.

Habu: Wasan yana da wurin da lokaci ke raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu idan bam ya tashi kusa. A nan fa 48 ɗin Malam ta koma 12.

Zainab: To ka gwada duka biyun a wannan wurin, kyamara dab da fashewar, ka turo mana bidiyon firem goma na farko.