Resista mai zobe biyar, ta wane gefe ake fara karantawa?

Sabon shiga: Salam yan uwa don Allah a taimaka min. Ban daɗe da fara koyon gyara ba, amfilifayar yayana ce ya bani in duba, shi kuma mutum ne mai faɗa, tun farko ma bai so in taɓa ba sai da na yi ta roƙo, yanzu kullum sai ya tambaya. Akwai wata resista mai shuɗin jiki, zobenta biyar, ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, baƙi, baƙi, ruwan ƙasa. Na lissafa ta bani om 110, da na sa mita kuma naga wajen 820 sai nace ta lalace na canza da mai 110. Yanzu sabuwar zafi take yi sosai. Ina matsalar take?

Mai rediyo: Wa'alaikumussalam. Ƙanena nemi zoben gwal ko azurfa ka ajiye shi a hannun dama, sai ka karanto daga hagu. Biyun farko lamba, na uku yawan sifili, gwal kashi 5 cikin ɗari, azurfa kashi 10. Shikenan.

Sabon shiga: Yallaɓai ai babu gwal a jikinta ko kaɗan

Injiniya: Mai rediyo wannan dokar mai zobe huɗu ce. A mai biyar ukun farko ne lamba, na huɗu yawan sifili, na biyar shi ne iyakar kuskuren da aka yarda mata, ruwan ƙasa a wurin kashi 1 cikin ɗari ne. Kai kuma Sabon shiga ta baya ka karanta. Juya ta, ruwan ƙasa 1, baƙi 0, baƙi 0, wato 100, sai ruwan ƙasa na huɗu ya ƙara sifili ɗaya ya zama om 1000, lafiyayya zata nuna tsakanin 990 da 1010. Yadda ka karanta kuwa 1, 1, 0, baƙi baya ƙara sifili, shi ne ka samu 110. Abin da ke rikita mutane dukka biyun ana ƙera su, ba zaka ce ɗaya babu ita ba. Duba tazara, yawanci zoben ƙarshe yana ɗan ware kansa daga sauran huɗun. Sannan a kan fanel ka auna ko ka cire ta?

Sabon shiga: A kan fanel na auna amma na kashe wuta. Kuma ni abin da aka koya min resista in ta lalace sama take hawa, to 110 ta koma 820 ai hawa tayi, ban ga inda lissafina ya kauce ba.

Injiniya: Gaskiya ne sama take hawa, amma wadda ta hau daga 110 zuwa 820 galibi zaka ga alama, fenti ya ƙone ko jikin ya tsage. Kaga haka? Awo a kan fanel kuma ƙasa yake ja, saboda wutar mita tana samun wasu hanyoyin ta kewaye. Misali in akwai wata mai 4700 da ƙafafunta biyu suka haɗu da ƙafafu biyun mai 1000, mita wajen 825 zata nuna maka, kaga kusan abin da ka gani kenan. Ka sa 110 a gurbin 1000, wutar da ke ratsa ta zata iya kaiwa ninki tara, dole tayi zafi. Cire ta yau kafin ta ja maka taransista.

Hajiya mai sola: Ni wallahi waɗannan masu shuɗin jiki sun ishe ni, ja da ruwan ƙasa basa rabuwa a kansu musamman da dare a hasken ƙwai. Na taɓa sayen ƙunshi guda, mai kayan ya rantse min duk 1000 ne, na zo gida mita na nuna 10,000, da na koma yace ai an buɗe leda baya karɓa. Ɗana ka fita rana ka sake dubawa, in na huɗun ja ne to 10,000 ce, kuma ita ma a kan fanel tana iya nuna 820.

Injiniya: Ba ja bane Hajiya, 1000 ce. Amma gardamar me ake, ɗauko tsohuwar ka auna ta ita kaɗai, kar ka riƙe ƙafafunta biyu da yatsu.

Sabon shiga: Tsohuwar ta faɗi lokacin da nake cirewa har yanzu ban ganta ba, hotonta kawai gareni a waya kuma a hoton tazarar duk ɗaya nake gani. Ƙuna kuma ban lura ba gaskiya.

Mai rediyo: Amfilifaya ce ai, in mai bangare biyu ce duba ɗaya bangaren akwai yar uwarta a irin wurin, ɗaga ƙafa ɗaya ka auna.

Sabon shiga: Bana son in sake sa ayan ɗin narka dalma a fanel ɗin nan kafin yaya ya dawo. In na sa 110 mai girman jiki wadda zata jure zafin fa?