Matatar saƙonnin damfara tana haɗiye mini kwastomomi na gaskiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon atamfa da shadda a Kasuwar Barci, kuma yawancin odar da nake samu ta ƙarƙashin hotunan da nake sawa a Facebook take zuwa. 'Yan damfara sun dame ni da saƙonnin wai ka ci kyauta, danna nan.

Sai na zuba kalmomi a jerin waɗanda shafin zai riƙa ɓoyewa: `http`, `bit.ly`, `wa.me`, da kalmar kyauta. Damfarar ta ragu, amma wata hajiya daga Kawo ta tambaya ko kai kaya kyauta ne, aka ɓoye maganarta, ban gani ba sai bayan kwana 3. Ta riga ta saya a wani wuri, abin ya yi mini ciwo. Abin da ya fi damuna, ita tana ganin abin da ta rubuta, don haka ta ɗauka share ta na yi.

Na cire kalmar kyauta, su kuma ɓarayin suka koma rubuta `bit . ly` da tazara, suna wucewa.

Don Allah akwai hanyar da za a ɓoye saƙo sai idan kalmar ta haɗu da adireshin yanar gizo? Ko kuwa a riƙa sanar da ni duk wanda aka ɓoye in duba da kaina?