Shawara a kan lissafin matsakaici idan aka sauya mutum ɗaya

Yayar ɗalibi: Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ƙanena yana shirin jarrabawar NECO, kuma akwai wata tambaya da ta tsaya masa a wuya, ni ma na gwada na kasa. An ce mutum 8 ne a cikin kwalekwale, sai ɗaya mai nauyin kilo 60 ya sauka wani ya hau a madadinsa, matsakaicin nauyinsu ya ƙaru da kilo 2, ana so a faɗi nauyin wanda ya hau. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ba a faɗi matsakaicin farko ba. Wace hanya za ku ba mu shawara mu bi?

Mai shagon hatsi: Wa alaikumus salam. A ganina tunda an ce an samu ƙarin kilo 2, wanda ya hau ya fi wanda ya sauka da kilo 2, nauyinsa 62 ke nan.

Tsohon malamin lissafi: Alhaji, ku yi haƙuri, ba 62 ba ne, kodayake yara da yawa nan suke faɗawa. Da a ce wanda ya hau kilo 62 ne, ƙarin da kwalekwalen ya samu kilo 2 ne kacal, kuma idan aka raba shi tsakanin mutum 8, kowa kwatan kilo zai samu. Shawarar da nake ba kowane ɗalibi ita ce ya bar matsakaici ya koma kan jimilla, domin mutumin da ya shigo ko ya fita jimilla yake taɓawa kai tsaye, matsakaici kuwa rabon wannan jimillar ne kawai. Idan rabon kowa ya ƙaru da kilo 2 alhali har yanzu su 8 ne, to jimilla ta ƙaru da 8 sau 2, wato kilo 16. Mutum 7 ɗin da ba su motsa ba nauyinsu yana nan yadda yake, saboda haka wannan kilo 16 duk sabon mutumin ne ya zo da shi a kan na wanda ya sauka. A haɗa 60 da 16, nauyinsa kilo 76.

'Yata, shi ya sa ba a ba ku matsakaicin farko ba, ba a buƙatarsa. Ki sa ƙanenki ya gwada da kansa, ya ɗauka matsakaicin 65 ne, jimilla 520, ya cire 60 ya ƙara 76, zai samu 536, ya raba gida 8 ya ga 67. Ya sake gwadawa da 70, zai tarar ƙarin dai 2 ne.

Ɗalibin jami'a: Malam, ni ma haka na iya, kuma na mayar da ita ƙa'ida guda da nake amfani da ita ko'ina, wato a ninka yawan mutane da ƙarin a ɗora a kan tsohuwar lamba. Misali, ɗalibai 24 matsakaicin shekarunsu 15, aka haɗa da malaminsu ya koma 16. Sai in ce 24 sau 1, a ɗora a kan 15, malamin yana da shekara 39.

Tsohon malamin lissafi: Ɗana, ka kusa, amma ka rage wa malamin shekara ɗaya. A tambayar kwalekwale yawan mutane bai canza ba, a taka kuwa ya tashi daga 24 zuwa 25. Jimillar farko 24 sau 15 ce, wato 360, ta biyu kuma 25 sau 16, wato 400, bambancinsu 40. Inda ka yi tuntuɓe shi ne ka manta cewa malamin ma yana cikin rabon, dole ya riƙe wa kansa 16 ɗin sabon matsakaici, sannan ya raba wa yara 24 ɗaya ɗaya. Da ka raba jimillarka da ka gane, domin 360 da 39 sun ba da 399, wanda bai cika 16 ba idan aka raba gida 25. Wannan ne dalilin da ya sa ba na son a haddace gajeriyar hanya kafin a saba rubuta jimilla biyu, ta kafin da ta bayan.

Mai shagon hatsi: Yanzu na fahimta, kuma na ga abin a shagona. Idan buhu 10 matsakaicinsu kilo 98 ne, na ware ɗaya sauran 9 suka koma 100, to 980 a cire 900, wanda na ware kilo 80 ne, shi ne yake jan sauran ƙasa.

Malamar aji: Haka ne, Alhaji, idan an cire abu matsakaici ya hau, abin da aka cire yana ƙasa da matsakaicin. Amma Malam, ni wannan hanya ta taɓa ba ni kunya. Ina da yara 40, matsakaicin makinsu 58.4, wata yarinya ta bar makarantar aka cire sunanta, na sauran 39 ya zama 58.9. Na ninka na samu 2336 da 2297.1, bambanci 38.9, alhali a takardarta maki 41 ta ci. A ina na yi kuskure?

Tsohon malamin lissafi: Malama, ninkinki daidai ne, matsakaitan ne aka datse musu wutsiya. Ainihin jimillar ajinki 2337 ce, wadda ke ba da 58.425, aka rubuta 58.4, bayan cire 41 kuma ta koma 2296, wadda ke ba da 58.87 da ɗoriya, aka cika ta zuwa 58.9. Ɗan abin da aka datse ba ya wuce 0.05, amma da zarar kin ninka shi da mutum 40 yana iya kaiwa maki 2, kuma a nan sau biyu kika ninka, shi ya sa amsar tana iya kaucewa da kusan maki 4. Alamar da za ta faɗakar da ke ita ce fitowar 2297.1 a wurin da makin kowa cikakkiyar lamba ce. A tambayar jarrabawa an zaɓi lambobi masu fita cif, amma a takardar sakamako ki riƙa ajiye jimillar kanta, kada ki dogara da sake gina ta daga matsakaici.

Ɗalibin jami'a: Idan da Excel Malama take aiki, kuma makin yaran yana daga B2 zuwa B41, ta ajiye jimilla da matsakaici gefe da gefe:

```
=SUM(B2:B41)
=AVERAGE(B2:B41)
```

Sai dai ta kula, idan ta goge makin yarinyar ta bar gurbin babu komai, za a raba da 39 a samu kusan 58.9, amma idan ta rubuta 0 a wurin, za a raba 2296 da 40 a samu 57.4.

Malamar aji: Wannan ne ma muke jayayya a kansa a ofishinmu. Wadda ta bar makaranta kowa ya yarda a cire ta, amma yaron da yake cikin rajista bai zo jarrabawa ba, wasu sun ce a ba shi sifili domin ɗan aji ne, ni kuma ina ganin hakan yana nuna ajin ya ja baya alhali babu wanda ƙoƙarinsa ya ragu.

Tsohon malamin lissafi: Wannan lissafi ba zai raba muku gardama ba, hukuncin makaranta ne. Ni dai da zan rubuta yawan waɗanda aka raba da su kusa da matsakaicin, domin mai karantawa ya san 39 ne ko 40.

Yayar ɗalibi: Na gode ƙwarai, Malam. Ƙanena ya gwada da 65 da 70 duk sun fita. Yanzu kuma yana tambaya, idan mutum biyu ne suka sauka biyu suka hau, ana iya sanin nauyin kowannensu?

Tsohon malamin lissafi: Ba a iyawa, 'yata. Jimillar su biyun kaɗai za a samu, sai idan an faɗi nauyin ɗaya ko an ce nauyinsu ɗaya ne.