Ɗana ɗan wata takwas ba ya barci sai a hannuna, wace hanya zan riƙe?

Iyaye mata, ina neman shawararku. Ɗana wata takwas gare shi, lafiyarsa ƙalau, yana cin kunu, amma yakan farka sau biyar ko shida a dare, kuma ba ya komawa barci sai da nono ko goyo. Hutun haihuwata ya ƙare, da ƙarfe bakwai nake fita aiki.

Na fara da hanyar leƙawa: in kwantar da shi a gadonsa idonsa biyu, in fita, in dawo bayan minti 3, sannan 5, sannan 10, in shafa shi ba tare da na ɗauke shi ba. Daren farko ya yi kukan minti 40, na biyu 25. Amma na lura duk shigowata ƙara tunzura shi take yi, yana ganina sai ya kama ƙarfen gado ya miƙe. A dare na uku surukata ta shigo ta goye shi, ban ga laifinta ba, ni ma zuciyata ta karye.

Sai na koma zama a kujera kusa da gadon, da niyyar matsar da ita wajen ƙofa duk bayan kwana uku. Kukan ya ragu sosai, amma yau kwana tara kujerar ba ta motsa ba. Ina ja da baya yake farawa.

Shin in daure da kujerar, ko in koma leƙawa tunda da ita ma kukan ya fara raguwa? Kuma shayarwar dare, in rage ta tukuna ko in haɗa duka lokaci guda? Ɗaki ɗaya muke kwana da shi.