Wake SAMPEA 20-T: wane suna zan rubuta a allon shago?

Mai Shagon Iri, Bichi: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon iri da maganin feshi, kuma damina ta matso. Akwai waken nan na Samaru, SAMPEA 20-T, wanda takardunsa ke ɗauke da haruffan PBR, gajeren sunan Turanci na waken da aka yi don maganin tsutsar kwanso. Duk manomin da ya shigo cewa yake "ba ni waken nan na tsutsa," wasu su ce "mai lamba ashirin." Har yau ban ga wanda ya iya faɗin sunan ba sai malaman gona. Ina so in rubuta masa sunan Hausa a allo, in kuma bai wa mai sanarwa ran kasuwa. Inda na maƙale shi ne kalmar da harafin R ya tsaya mata, wato rizistan. Na rubuta "mai jure tsutsa" na goge. Yarona ya ce mu sa "Ba-feshi" kawai, kowa zai riƙe. Me kuka gani?

Ɗan Kasuwar Dawanau: Yaronka ɗan kasuwa ne. Ba-feshi zai shiga kunne fiye da komai. Suna gajere shi ke tafiya. Dubi shinkafa FARO 44, mutane da yawa Sipi suke ce mata, babu ruwansu da lamba. Geron SOSAT ma an bar shi Sosat don ya zauna a baki.

Malamin Gona Mai Ritaya: Alhaji mai shago, don Allah kada ka rubuta Ba-feshi. Gaskiyar ɗan Dawanau ce cewa zai shiga kunne, amma ƙarya ce, kuma a ƙofar shagonka za a zo neman bayaninta.

Bari in faɗi abin da waken yake. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ce ta fitar da shi, aka amince da shi a ƙarshen 2019. An ɗauki SAMPEA 10 ne aka sa masa wani abu daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, ta yadda tsutsar da ake kira maruka in ta ci ganye ko fure ko kwanso, sai cikinta ya lalace ta mutu tun tana ƙarama. Aikinsa ke nan, bai wuce haka ba. Darɓa za ta hau shi. Ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu shiga cikin fure su zubar da shi za su zo. Masu tsotse kwanso ma za su zo. Shi ya sa masu shi ba su taɓa cewa a daina feshi ba. Cewa suka yi wanda ke feshi shida zuwa takwas zai koma biyu, ɗaya in ya fara fure, ɗaya in ya fara kwanso.

Na ga wannan da idona. Wani manomi a yankin da na yi aiki ya saya a hannun wani dila da ya ce masa "wannan ba ruwanka da famfo." Wake ya yi kyau, ya yi fure fari fat, sai fure ya fara zuba. Ya zo yana rantsuwa an sayar masa da jabu. Muka shiga gonar, na tsinki fure ashirin daga wurare daban-daban, muka buɗe su ɗaya-ɗaya a tafin hannu. Babu tsutsa ko guda, sai ƙananan ƙwarin nan suna ta gudu. Irin ya cika alkawarinsa, dila ne ya ɗora masa wanda bai ɗauka ba. Amma har yau a garin in ka ambaci waken sai a taɓe baki.

Mai Shagon Iri, Bichi: Na ji Malam, Ba-feshi ya fita. To in koma kan "mai jure tsutsa"? Na sha jin ta a rediyo.

Malamar Hausa, Katsina: Ni a nan nake da magana. Jurewa a Hausa tana nufin abu ya same ka, ka ji shi a jikinka, amma ba ka faɗi ba. Mai jure yunwa yana jin yunwar. Masara mai jure fari tana shan farin, ganye ya naɗe, amma ta kai ga yabanya. A nan jure ta zauna daidai. Amma bisa bayanin Malam, waken nan ba haƙuri yake da tsutsa tana cinsa ba, ita ce ba ta iya zama a kansa. Turawan ma kalmomi biyu gare su, rizistan da tolaran, mu ne muke haɗe su a jure.

Muna da fi'ilin da ya dace: gagara. Abin da ya gagare ka, ka gwada ne ka kasa. Kuma harshen ya saba ƙera suna da shi: gagara-badau, gagara-gasa, gagara-koyo. Sai mu ce Gagara-tsutsa. In ana bayani a ce "iri mai gagarar tsutsa," a bar jure wa fari da zafi da makamantansu.

Ɗan Kasuwar Dawanau: Malama, Gagara-ƙwari ya fi daɗin faɗi, ya kuma fi cika baki.

Malamar Hausa, Katsina: Ya fi cika baki, shi ne matsalarsa. Ƙwari ya kwashe darɓa da masu tsotso duka. Mun dawo Ba-feshi ta bayan gida.

Hajiya Mai Ƙosai: Ni dai in har ya gagari tsutsa zan sayi buhu biyar in ajiye. Bara buhu biyu suka huje mini kafin azumi, kana buɗewa sai gari da ƙwaro. In an samu wanda ba ya hujewa ai mun huta.

Malamin Gona Mai Ritaya: Hajiya, ba a kan wannan ake magana ba, amma kin yi mana amfani ƙwarai. Ƙwaron da ke huje wake a ajiya daban ne, kuma wannan irin bai gagare shi ba ko kaɗan. Maganinki shanya mai kyau da buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban yadda iska ba za ta shiga ba. Sai dai kun ga abin da ya faru? Minti kaɗan da haihuwar sunan, ga shi an ji shi ta wata fuska. Malama, ashe Gagara-tsutsa ma yana yoyo.

Malamar Hausa, Katsina: Yana yoyo kaɗan, na yarda. Amma a bakin yawancin mutane wake a buhu "ƙwari" yake yi ko ya huje, a gona ne ake cewa tsutsa ta kama shi. Ana iya cewa Gagara-tsutsar-kwanso, sai dai babu mai ɗaukar wannan ya kai gida. Gwajin da nake yi shi ne in sa sunan a bakin mai saye: "Ba ni Gagara-tsutsa mudu biyu." Ya tafi. Kafin damina biyu ma za su datse shi ya koma Gagara.

Baba Manomi, Ɓagwai: 'Ya'yana, ku yi ta raɗa suna, amma ku sani mu muke yanka ragon. Ƙanannado babu kamfanin da ya raɗa masa. Kaura da farafara da idonmu muka gani muka kira. Gyaɗa 'yar Dakar kuwa inda ta fito muka bi. Ni abin da na gani a wannan waken shi ne bayana ya huta. Hekta guda tana cin ruwa kamar lita 200, famfona mai lita 16 ne, kusan cikin famfo 13 ke nan kowane feshi. In na yi shida, na goya famfo sau 78, ga jidar ruwa daga rafi, ga kuɗin magani, ga warin da ke bin mutum har shimfiɗa. Da biyu kuwa sau 26 ne. Mu nan Feshi-biyu muke ce masa, kuma ba wanda ya koya mana.

Malamin Gona Mai Ritaya: Baba, wannan suna ya burge ni, don ya ɗauko umarnin aiki a cikinsa. Wanda ya ji Feshi-biyu ba zai rataye famfo ba. Tsorona guda ne. Shekarar da masu tsotso suka yi yawa, ko mutum ya yi shuka a makare duk ƙwarin unguwa suka taru a gonarsa, zai iya buƙatar na uku. Ranar nan sai a ce suna ya yi ƙarya. Lamba a cikin suna bashi ce.

Baba Manomi, Ɓagwai: Malam, wanda ya saba bakwai ba zai kai ka ƙara kan na uku ba.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan ba mu da wannan waken a shaguna, amma ku lura da abu guda. Manomanmu sun riƙe waken IT90 da geron HKP da haruffansu, ba su mutu ba. Lambar tana da amfani. In sunan laƙabi ya yi ƙarfi ya shafe ta, gobe kowane farin wake da aka auno a kasuwa sai a ce Gagara ne.

Malamin Gona Mai Ritaya: Wannan haka yake, musamman da yake a ido da wuya ka raba shi da SAMPEA 10, tunda daga jikinsa aka fitar da shi. Sunan rajista kwamitin ƙasa ne ke amincewa da shi, mai shago ba ya canza shi. Don haka laƙabi ya zauna gefen lamba, kuma a sayar a ledarsa mai tambarin hukumar iri ta ƙasa, NASC, ba a mudu ba. Malama, sai ki gyara jimlarki ta koma "leda biyu." Wanda kuma yake shakkar abin da ya shuka, ya duba gonar lokacin fure. Maruka tana barin shaida: zare kamar na gizo-gizo ya manne fure da kwanso ko kwanso biyu, rami a jikin kwanson da kashinta a bakinsa, ita kanta fara-fara da ɗigon baƙi a jere a bayanta. In wannan ya cika gona, ba irin ba ne. Kwanson da ya motse ya bushe babu rami kuwa aikin masu tsotso ne, feshi ya rasa.

Ɗalibi Daga Samaru: Duk kun tsallake harafin T. Wake ne da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma akwai manoman da ba sa so, suna da 'yancinsu. In aka lulluɓe shi da suna mai daɗi, wanda ya gano daga baya zai ce an ɓoye masa. Ni a ganina a rubuta a fili.

Malamar Hausa, Katsina: A rubuta, amma a layin bayani, ba a cikin suna ba. Kuma wannan kalmar ita ma ba mu daidaita a kanta ba. Na ji masu cewa "irin da aka yi wa dashe," na ji masu cewa "ɗan allura," wanda ba daidai ba ne kuma yana tsorata mutane. Tana son zamanta daban.

Mai Shagon Iri, Bichi: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan bai wa mai fenti. Layin sama da manyan baƙaƙe: Gagara-tsutsa, SAMPEA 20-T a gefensa. Layin ƙasa: "Ya gagari tsutsar fure da kwanso. A yi feshi lokacin fure da lokacin kwanso saboda sauran ƙwari. An sauya masa ƙwayar halitta." Mai sanarwa kuma zan ce ya faɗi duka sunayen biyu, nasa na Baba da na Malama, mu ga wanda za a dawo da shi.

Baba Manomi, Ɓagwai: Ka bar wuri a allon. In ka zo Ɓagwai da kaka ka tambayi Gagara, za a nuna maka gidan wani maharbi ne.