Ciwon baya ga mai ciki: wanne ne na gudu asibiti?

A zaman awo a wani asibitin ƙauye kusa da Dutse, mata suka yi ta kukan ciwon ƙugu, ungozoma tana ba su amsa. Ta ce ciwon da ke tashi bayan daka ko jan ruwa a rijiya, ya lafa in an kwanta ta gefe da matashin kai tsakanin gwiwoyi, nauyin ciki ne da sakin gaɓoɓi.

Wata ta ce nata, a wata bakwai, zuwa yake yana komawa, mararta na ɗaurewa. Nan ungozoma ta tsaya, kuma gaskiyarta: “Yaya, wannan yana iya zama naƙuda kafin lokaci, yau za a duba ki.”

Haka in da jini, fashewar ruwa, zazzaɓi da zafin fitsari, ko motsin ɗa ya ragu. Ko da tsakar dare ne, a nemi mota, kada a tsaya jiƙo.