Amarya ta ce hasken fuskarta ya yi yawa, ni kuma na riga na haɗe leyoyi

Mai tambaya, Agege:
Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah a taimaka min. Na yi wa wata amarya editin ɗin hoton kamu a Photoshop, na cire ƙuraje, na gyara fata, na ƙara haske, na haɗe komai na fitar da JPEG na tura mata. Yanzu ta dawo ta ce dangin miji sun ce ba su gane ta ba, fuska ta yi fari wuya da hannu kuma suna nan da kalarsu, a mayar mata da kalarta amma kar ƙurajen su dawo. Dole sai na faro daga farko? Kuma yaya ake tsara aiki yadda in kwastoma ya dawo ba sai an rushe komai ba?

Na Mile 12:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ai shi ya sa kullum kafin ka taɓa hoto ka fara danna Ctrl+J ka yi kwafin leya, duk aikin ka yi shi a ta sama, ta ƙasa tana nan ba abin da ya same ta. In ma ba ka yi ba ka buɗe History ka koma baya zuwa inda ka ƙara hasken shikenan.

Mai tambaya:
Oga na duba History ɗin babu komai a ciki sai Open.

Malam mai studiyo, Idi-Araba:
Ba za ka ga komai ba ƙanina, History ba ya bin fayil, da ka rufe hoton ya tafi, kuma ko ba ka rufe ba taku 50 kawai yake riƙewa in ba kai ka ƙara masa ba, gyaran ƙurajen kunci ɗaya ma ya isa ya cinye su. Maganar Ctrl+J kuma gaskiya ce amma rabi, tana tsare maka hoton asali ne kawai. In ƙuraje da haske da kala duk a leya ɗaya ka yi su to ka yi dafa-duka, ba yadda za a yi ka tsame manja ka bar shinkafa, ka rage Opacity ɗinta haske ya ragu ƙuraje su dawo tare da shi.

Bari mu fara da na hannunka. Hoton asali yana nan ko, wanda ya fito daga kyamara? In yana nan ka buɗe shi, ka ɗora wanda ka gyara a kansa, ka sa wa na saman maski fari, wato abin da ke ɓoye duk inda ka shafa wa baƙi a leyar, ka ɗauki buroshi mai laushi da baƙar kala, Flow kamar 10%, ka riƙa shafa goshi da kumatu a hankali har kalarta ta fara ɓullowa daga ƙasa. Ƙuraje za su leƙo a wasu wurare, sai ka buɗe sabuwar leya a sama ka sake cire su, ba su da yawa ai tunda ba duka ka buɗe ba. Amma wannan zai yi ne kawai in ba ka yanke hoton ba kuma ba ka taɓa Liquify ba. In ka matse haɓa ko hanci za ka ga gefensu ya fito biyu-biyu kamar inuwa, to ka haƙura ka faro sabo, ya fi maka sauri. Kuma kar ka ce za ka sa Curves a kan JPEG ɗin ka ja shi ƙasa, wurin da ya ƙone ya zama fari tas kamar tsinin hanci da goshi babu komai a cikinsa, toka-toka zai koma ba fata ba.

Mai tambaya:
Na taɓa Liquify kaɗan a haɓa Malam. Sabo zan yi kenan. To a nuna min tsarin don Allah.

Malam mai studiyo:
To ga yadda nake jera nawa daga ƙasa zuwa sama, kuma jerin shi ne komai, ya fi sanin kayan aikin ma muhimmanci.

A can ƙasa hoton asali, a kulle, ba mai taɓa shi. A kansa leya wadda babu komai a ciki, Ctrl+Shift+N, ka sa mata suna ƙuraje. Ka ɗauki Healing Brush, a sama inda aka rubuta Sample ka zaɓi Current & Below, ka ga yana ɗebo fata daga hoton ƙasa amma a leyar banza yake ajiyewa. In ka kashe idon hoton asali za ka ga ɗigo-ɗigon fata ne kawai a wurin. Amfaninsa ranar da amarya ta ce wannan baƙin ɗigon na gefen baki ba ƙurji ba ne da shi aka haife ni, sai ka goge wannan ɗigon shi kaɗai ya dawo.

Sai haske. Kar ka bi ta Image sannan Adjustments, wannan yana cin hoton kai tsaye. Ka yi ta ɗan da'irar nan rabi baƙi rabi fari da ke ƙasan Layers, ka zaɓi Curves, zai zo a leyarsa da farin maski. Ka ɗaga tsakiyar layin sama kaɗan, duk hoton zai yi haske, sai ka danna maskin ka yi Ctrl+I ya koma baƙi, hasken ya ɓace. Fari yana nunawa baƙi yana ɓoyewa. Yanzu ka ɗauki farin buroshi Hardness 0, Flow 2% ko 3%, ka riƙa shafa inda ke son haske kawai, ƙasan ido, gefen baki da ya yi duhu. In ka zarce ka danna X kala ta juya baƙa ka shafe. Ka yi wani Curves ɗin na biyu ka ja shi ƙasa don wuraren da ke ƙyalli. Kala kuma a leyarta daban can sama, sai hasken hoto gaba ɗaya a ƙarshe.

Da haka ka yi, wannan saƙon na amarya aikin minti biyu ne, ka danna leyar haske ka sauko da Opacity daga 100 zuwa kamar 40 ko 50 kana kallon wuya, in fuska da wuya sun zo ɗaya ka tsaya. Ƙuraje suna leyarsu ba ruwansu. Kuma ni ban yarda da wannan ɗabi'ar ta haskaka amare har a kasa gane su ba, yarinya baƙa kyakkyawa a mai da ita wata daban, in za ka taɓa kalar fata to maskin ya haɗa da wuya da kunne da hannun lalle, ka danna \ zai nuna maka ja a duk inda maski ya rufe, nan take za ka ga inda ka manta.

Hajiya mai kwalliya, Agege:
Allah ya saka Malam, wallahi ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu ne ake zagi ai, ka yi awa biyu kana kwalliya ka zaɓi hoda daidai fatar yarinya, hoto ya fito a ce mai kwalliya ta shafa mata fulawa. Sati biyu da suka wuce wani ya goge min gashin girar amarya da na zana ɗaya bayan ɗaya ya mai da ita kamar an ja da biro, na ce ya dawo da ita ya ce ba zai yiwu ba. Yanzu kenan da gaske yake ko ƙyuya ce? Kuma ni a waya nake ɗan taɓa nawa, shi ma akwai wannan leyar?

Malam mai studiyo:
Hajiya in ya haɗe aikin bai ajiye mai leyoyi ba to da gaske yake, amma laifinsa ne. Gyaran laushin fata ana sa masa maski ne a cire gira da gashin ido da leɓe da bakin hanci daga ciki. Na waya kuwa sai masu yi da waya su amsa miki, ni a kwamfuta na iya.

Na Alaba Rago:
Ni ina da ƙorafi a kan leyar banzan nan. Na gwada, da na zo rage haske daga baya sai duk inda na cire ƙurji ya fito fari-fari kamar ƙyasbi a fuskar mutum, tun daga nan na koma Ctrl+J abina.

Malam mai studiyo:
Yawwa, ka kawo babbar magana. Leyar ƙurajenka tana saman Curves ne lokacin da ka yi aikin, shi ya sa buroshin ya ɗebo fata da hasken a jikinta ya dasa. Da ka rage Curves sauran fuska ta sauko, facin ya tsaya a hasken da. Tun kafin ka fara cire ƙuraje ka ajiye ta ƙasan duk wani Curves ka bar Sample a Current & Below. In Spot Healing Brush kake amfani da shi, shi Sample All Layers kawai gare shi, yana ganin har na sama, to ka kashe idon leyoyin haske da kala kafin ka fara.

Irin wannan tarkon ne Ctrl+Alt+Shift+E, wanda ke tattara duk abin da ake gani ya zuba a sabuwar leya a sama. Yara suna son shi don su yi Liquify ko su ƙara kaifi. Daga lokacin duk abin da ke ƙasa ya mutu, za ka yi ta jan Opacity hoto bai motsa ba ka ɗauka kwamfuta ce ta maƙale. In Liquify kake so ka bari sai ƙarshe, ka zaɓi duk leyoyin ka yi Convert to Smart Object, ka yi shi a kai. Zai zauna a ƙasan leyar da sunansa, ka iya kashe shi ko ka sake buɗe shi, in ka danna hoton leyar sau biyu kuma leyoyinka na ciki suna nan yadda ka bar su.

Na Mile 12:
Malam duk na yarda amma a yi maganar nauyi. Biki ɗaya hoto ɗari uku, kowanne PSD mai leya goma ga Smart Object, laftof ɗina fanka za ta yi ta kuka ga wuta ba tabbas, hadis ya cika cikin wata biyu. Wa zai biya wannan?

Na Alaba Rago:
Kuma masu raba fata gida biyu, kala daban ƙwayar fata daban, ai su ma kwafin hoto ne, ba su da bambanci da abin da Malam ya hana.

Malam mai studiyo:
Haka ne, kwafi ne, shi ya sa in zan yi shi nake sa shi ƙasa kusa da hoton asali bayan na gama ƙuraje, cikin Group ɗaya mai maskinsa, ana iya rage ƙarfinsa amma in ka koma ka canza abin da ke ƙarƙashinsa sai ka sake shi, wannan ba makawa. Nauyi kuma, leyoyin Curves da leyar ƙuraje ba su ne ke cika fayil ba, kwafin cikakken hoto ne da Smart Object. Kuma ba hoto ɗari uku nake wa haka ba, na taro a Lightroom nake gama su, can ma ba ya taɓa asali kuma akwai maski. Wanda za a buga a sa a firem da na amarya ita kaɗai su nake ajiye wa PSD, JPEG ɗin kwastoma kuma ta Export As yake fita, mai leyoyin yana nan.

Na Mile 12:
Har zuwa yaushe ake ajiyewa to? Ni da an biya ni an karɓi albam nake gogewa.

Malam mai studiyo:
Ni ba na gogewa da wuri, uwar amarya takan dawo bayan an kwana biyu ta ce a buga mata babba. Amma kowa da girman hadis ɗinsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara girma. Na fara sabon, na gama ƙuraje a leyarsu. Sai dai na sa wa leyar maski ina shafa baƙi sai na ga baƙin fenti yana fitowa a kuncinta, me na taɓa?

Malam mai studiyo:
Leyar ka danna ba maskin ba. Yi Ctrl+Z, ka danna farin akwatin da ke gefenta sai ka ga ɗan layi ya zagaye shi sannan ka shafa. In ka gama ka turo mana hoton jerin leyoyin mu gani kafin ka tura mata.